Turanci kaɗai, ko a haɗa da wani harshe? Shawara ga mai rubuta bayanin kansa a intanet

Haruffa 150 kacal Instagram ke ba mutum ya faɗa wa duniya ko shi wane ne, X kuwa 160. A cikin wannan ɗan fili ne tela da mai sayar da turare da mai neman aiki suke yanke shawarar da ke iya kawo musu ciniki ko ta kore shi: su rubuta da Turanci zalla, ko su raba wurin da Hausa, Faransanci ko Larabci?

Da yawa suna zaɓar Turanci don ganin ya fi nuna wayewa. Amma ai ba don mai shafin ake rubuta bayanin ba, don wanda ke nemansa ne. Abin dubawa shi ne kalmar da mai neman zai buga a wurin bincike, da harshen da zai yi sallama da shi idan ya iso.

A ɗauki misalin mai ɗinkin kayan mata a Kano, wadda ke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ta rubuta bayaninta duka da Turanci, alhali idan ta buɗe akwatin saƙonninta abin da take tararwa shi ne "Hajiya, nawa ne wannan?" da "Kina turawa Maraɗi?", wasu ma saƙon murya suke ajiye mata. To, ga amsa nan a hannunta. Ta ƙirga saƙonni talatin na baya-bayan nan ta ga da wane harshe aka fi yi mata magana, sannan ta leƙa Insights, inda shafin kasuwanci ke nuna garuruwan da mabiyanta suka fi yawa. Idan Kano da Katsina da Damagaram ne a sama, Hausa ta cancanci layin farko. Idan Legas da Abuja na biye, Turanci ya zauna a layi na biyu.

Sai dai haruffa 150 ba za su ɗauki magana ɗaya sau biyu ba, don haka raba aiki ya fi fassara. Hausa ta ɗauki abin da mai saye ke son ji, wato irin ɗinkin, unguwar da shagon yake, da cewa ana aika kaya ta tasha. Turanci ya ɗauki sunan sana'ar a taƙaice. Lambar waya kuwa ba ta da harshe, sau ɗaya ta isa.

Akwai wani tarko da ya shafi masu Hausa musamman. Sunan shiga na Instagram ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, kuma masu saye da dama ba su da waɗannan haruffa a madannin wayarsu, "dinki" suke bugawa. Dabara ita ce sunan shiga ya tafi ba lanƙwasa, a cikin bayanin kuma a rubuta Hausa yadda ƙa'ida ta tanada.

Ga mai neman aiki a LinkedIn lissafin ya sha bamban, domin can ba sai an cusa harsuna biyu a wuri ɗaya ba. Akwai zaɓin Add profile in another language, wanda ke ba mutum damar ajiye bayani na biyu daban. Wanda ke amfani da dandalin da Faransanci zai ga na Faransancin, sauran jama'a su ga na asali. Ma'aikacin lafiya daga Sakkwato da ke hangen ƙungiyoyin agaji a Yamai zai amfana da wannan, tunda ko bayan da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci da Turanci ne harsunan aiki. Wanda kuwa iyakar nemansa Abuja da Legas, Turanci ya wadatar, ya dai ambaci Hausa a sashen harsunan da yake ji, domin masu ɗaukar ma'aikatan da za su shiga ƙauyukan Arewa suna duba wannan.

Inda ake tuntuɓe shi ne bayani na biyu ba ya gyara kansa. Mutum ya sauya wurin aiki, ya gyara na Turanci, ya manta da na Faransanci, sai a ga bayanan biyun sun saɓa, mai ɗaukar aiki kuma ya fara kokwanto. Wanda ya fi wannan muni shi ne a rubuta da harshen da ba a iya ba. Duk wanda ya ga bayani da Faransanci, da Faransanci zai kira, kuma kira ɗaya ya isa asiri ya tonu.

Saboda haka wanda ba zai iya amsa waya da harshen ba, ko ba zai juri gyara bayani biyu duk lokacin da wani abu ya sauya ba, gara ya tsaya a harshe ɗaya. Mai ɗinkin Kano dai ta cika sharuɗɗan biyu, jinkirin sa Hausa a shafinta asarar ciniki ne.