Kwalin da ya zo daga baya na iya riga na farko lalacewa: yadda farmasi ke lissafin magani

A jikin kowane kwalin magani akwai ƙananan rubutu biyu da mai saye ba ya cika dubawa. Na farko shi ne lambar rukuni, wadda ke biye da kalmar LOT, kuma tana nuna kwalayen da aka haɗa a tashi ɗaya a masana'anta. Na biyu shi ne ranar ƙarewar wa'adi, bayan EXP. Idan an rubuta 06/2026 babu rana, maganin na da wa'adi har ranar ƙarshe ta watan Yuni.

A farmasi mai tsari, a Maraɗi ne ko a Damagaram, ba a rubuta "maganin zazzaɓin cizon sauro, kwali 320" a wuce. Kowane rukuni na da layinsa a katin kaya: sunan magani da ƙarfinsa, lambar rukuni, ranar ƙarewa, abin da ya shigo, abin da ya fita, da saura. Dalili kuwa shi ne kayan da suka iso daga baya suna iya riga na farko ƙarewa, idan sun daɗe a sito wajen dila.

A ɗauki misali. A ƙarshen Fabrairu mai farmasi ya ƙirga maganin zazzaɓi, ya samu rukuni biyu. Na farko kwali 120 ne, ya daɗe a kan kanta, wa'adinsa zai ƙare a Disamba. Na biyu kwali 200, bai jima da zuwa ba, amma zai ƙare a Yuni. Katin ya nuna cewa da rani ana sayar da kwali 40 a wata.

Idan ya bi tsarin wanda ya fara zuwa shi zai fara fita, zai kwashe Maris, Afrilu da Mayu yana sayar da kwali 120 ɗin. Sai a Yuni zai taɓa rukuni na biyu, ya sayar da 40, kwali 160 su mutu a hannunsa. A ce jaka ɗaya da rabi ya sayi kowane kwali, ya yi asarar jaka 240 ke nan, daidai lokacin da damina ke kamawa, zazzaɓi na shirin yawaita.

Idan kuwa ya jawo mai ƙarewa a Yuni zuwa gaba, cikin watanni huɗu zai sayar da 160, saura 40. Waɗannan 40 ɗin su ne amfanin lissafin, domin tun Fabrairu ya san ba zai iya sayar da su ba. Yana da lokacin neman dila ya karɓa ko ya musanya masa, ko ya miƙa wa wata farmasi da ta fi shi ciniki. Dila ba ya son kayan da ya rage musu ƴan makonni, shi ya sa jinkiri ke rufe wannan ƙofa. Rukunin Disamba kuma ya jira Agusta da Satumba, lokacin da aka fi buƙatarsa.

Inda abin ke ɓaci sau da yawa wajen jera kaya ne. Yaron shago ya zuba sababbin kwalaye a gaba don sauƙi, tsofaffin su maƙale a baya. Ana gane haka ne a ƙirgar ƙarshen wata, idan jimilla ta yi daidai amma adadin kowane rukuni ya saɓa da na kati. Wata matsalar ita ce yanka katin ƙwayoyi da almakashi: lamba da rana a gefe ɗaya suke, guntun da ya rage kuwa babu mai iya sanin wa'adinsa. Haka nan idan hukuma ta ce a janye wani rukuni daga kasuwa, wanda bai rubuta lamba ba sai ya kwashe kanta gaba ɗaya yana dubawa.

Lissafin na da iyakarsa. Ranar da ke kan kwali tana aiki ne idan an ajiye magani yadda aka umarta, galibi ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali zafin Afrilu a Tawa da Yamai kan haura 40. Garin maganin yara da ake zuba wa ruwa shi ma sabon wa'adi yake farawa daga ranar da aka haɗa shi, mako ɗaya ko biyu gwargwadon abin da takardarsa ta ce.

Ga ƴan ci-rani masu turo kuɗi a saya wa iyaye maganin hawan jini na wata uku, akwai abin lura. Kwalin da ya rage masa wata biyu bai lalace ba, farmasi na da gaskiyar fitar da shi da wuri, amma bai dace da mai sayen na wata uku ba. Wanda aka aika ya duba EXP tun yana gaban kanta, ya ƙirga watannin kafin ya biya.