La'adar Sayar da Hannun Jari: A Ina Za A Sa Ta a Lissafi?

A watan Maris na 2024, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, inda ya ce bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje sai ya mallaki naira biliyan 500. Bankuna da dama suka fito kasuwa da sababbin hannayen jari. Abin da mai saye bai cika lura da shi ba shi ne, ba duk kuɗin da ya biya ke shiga asusun kamfanin ba. Kamar yadda mai sa ba ya komawa gida da cikakken kuɗinsa sai an cire la'adar dillali, haka kamfani yake biyan masu shirya cinikin, da masu lamunin sayen abin da ya yi kwantai, da lauyoyi, da akantoci, da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari, ga kuɗin talla da buga takardu.

A ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa a Kano yana son kafa sabon inji na naira miliyan 950. Hannun jarinsa ɗaya naira 100 ne, zai raba ribar naira 10 a kan kowanne baɗi, ana kuma sa ran rabon zai riƙa ƙaruwa da kashi 6 cikin ɗari duk shekara. Masu jari ke nan suna jiran kashi 16: goma daga rabon riba, shida daga ƙaruwar. In da ribar da ya tara zai yi aikin, wannan kashi 16 shi ne tsadar kuɗin. Amma babu ajiya, dole ya fita kasuwa, la'ada kuma kashi 5 ce.

Hanyar farko ita ce a ɗora la'adar a kan tsadar jari. Mai saye ya ba da naira 100, kamfani ya karɓi 95, amma rabon naira 10 bai ragu ba. Goma cikin 95 kashi 10.5 ne, a haɗa da shida, tsadar sabon jari ta zama kashi 16.5. Wato dole kowace naira da ta iso ta ƙara ƙoƙari don ta rufe gurbin wadda ta tsaya a hanya.

Hanya ta biyu kuwa ta bar kashi 16 yadda yake, ta kai la'adar cikin kuɗin fara aiki. A nan ne mutane ke tuntuɓe. Sai su ɗauki kashi 5 na miliyan 950, su samu miliyan 47.5. Ai daga abin da aka tara ake cire la'ada, ba daga abin da ake bukata ba. Don miliyan 950 su rage a hannu, sai an sayar da hannayen jarin biliyan ɗaya cif, miliyan 50 su tafi. Saboda haka biliyan ɗaya injin ya ci.

To, ko hanyoyin biyu suna kaiwa wuri ɗaya? Mu ce injin zai kawo miliyan 300 duk shekara har shekara biyar, daga nan ya gama yayi. Kuɗin gobe bai kai na yau daraja ba, don haka ana rage masa ƙima gwargwadon tsadar jari. A kan kashi 16.5, kuɗin shekaru biyar ɗin sun kai kimanin miliyan 970 a yau. An wuce 950, hanyar farko ta ce a sayi inji. A kan kashi 16 kuwa sun kai kimanin miliyan 982, amma biliyan ɗaya aka kashe, akwai giɓin miliyan 18. Hanya ta biyu ta ce a haƙura.

Ni dai ina bayan ta biyu, kuma dalilin a fili yake. La'ada sau ɗaya ake biyanta, ranar ciniki, kuɗi hannu. Hanyar farko tana yayyafa ta kaɗan-kaɗan kamar aikin zai dawwama har abada, shi ya sa a aikin shekara biyar miliyan 12 kawai ta zaftare, alhali miliyan 50 ne suka fita. Iya gajartar aiki, iya yadda take ɓoye asarar.

In rabin kuɗin rancen banki ne, sai a lissafa la'adar kowane ɓangare daban, domin ta bashi yawanci ba ta kai ta hannun jari ba. Ƙaramin kamfani kuma ya fi jin jiki, tunda kuɗin lauya da na akanta ba sa raguwa sosai don abin da ake nema kaɗan ne. Mai son saye zai iya duba wannan da kansa: takardar bayanin da kamfani ke fitarwa kafin sayarwa tana nuna jimillar abin da za a tara, da kuɗin da cinikin zai ci, da abin da zai rage na aiki.