Oda Ɗaya, Ƙunshi Biyu: Yadda Ake Lissafin Aike, Biya da Mayar da Kuɗi

Wanda ya saba sayayya ta intanet ya san abin: ka zaɓi kaya biyu, ka biya a tare, sai ɗan aike ya iso da guda ɗaya ya ce ɗayan yana hanya. Sau da yawa babu wata cuta a ciki. A kasuwa irin ta Jumia, kayan da ke cikin kwandonka kan fito daga 'yan kasuwa daban-daban, kowa da inda ya ajiye hajarsa. Wani lokaci kuma ɗan kasuwa ɗaya ne, amma wani kayan yana shago, wani yana sito a wani gari, ko ya ƙare ana jiran shigowarsa, ko kuwa ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa a kwali ɗaya, kamar turare na ruwa da yadi. Raba kayan ba shi da wuya. Inda ake samun rikici shi ne a littafi, domin kuɗi ya shigo sau ɗaya, kaya kuma za su fita sau biyu.

Mu ƙaddara wata mata ce a Sakkwato ta yi oda a shafin wani ɗan kasuwa na Kano. Ta sayi atamfa turmi uku, kowanne ₦20,000, da injin markaɗe na ₦40,000. Jimla ₦100,000. Shagon yana rangwamen kashi 10 cikin ɗari ga duk wanda ya sayi kayan dubu ɗari, don haka aka rage mata ₦10,000, aka ɗora kuɗin aike ₦5,000. Ta biya ₦95,000 da katinta a take. Atamfar tana shago a Kantin Kwari, injin kuma yana sito a Legas. Farashin nan na misali ne, lissafin shi ne abin dubawa.

Abu na farko da ɗan kasuwa mai tsari zai kiyaye shi ne kada ya mayar da odar nan oda biyu. Lambar oda ɗaya ce, rasit ɗaya ne, lambar shaidar biya daga banki ma ɗaya ce. Abin da ya zama biyu shi ne takardar fitar kaya. Kowane ƙunshi yana da tasa: me ke ciki, guda nawa, daga ina ya tashi, wa ya ɗauka, da lambar bibiya ko lambar wayar direban da aka ba a tasha. Dukkansu suna rataye ne a jikin lambar oda ta asali. Wasu kan soke odar su buɗe sababbi biyu don sauƙi, ba tare da sun ɗaura su ga ta farkon ba. Ƙarshen wata idan aka zo haɗa littafi da takardar banki, sai a ga ₦95,000 ta shigo babu odar da ta dace da ita, ga kuma oda biyu da littafi ke cewa ba a biya ba.

Sai rabon kuɗi, kuma a nan ne aikin yake. Dole a san nawa ne daga cikin ₦95,000 ya hau kan kowane ƙunshi, a kuma rubuta shi tun ranar sayayya, kafin wata matsala ta taso. Atamfa ita ce kashi 60 cikin ɗari na darajar kayan, injin kashi 40. To haka za a raba rangwamen: ₦6,000 a kan atamfa, ₦4,000 a kan inji. Ke nan ainihin abin da matar ta biya wa kowane turmi ₦18,000 ne, injin kuma ₦36,000. Kuɗin aike ma haka: ₦3,000 ga ƙunshin atamfa, ₦2,000 ga na inji. Ƙunshi na farko ya tashi ₦57,000, na biyu ₦38,000. Haɗa su, za ka koma ₦95,000 daidai. In bai koma ba, akwai kuskure a wani wuri, kuma gara a gano shi yau. Idan rabon ya bar 'yan kwabbai da ba su rabu ba, a ɗora su a kan layi ɗaya, kada su ɓata a tsakani.

Wani zai ce ai inji ya fi atamfa nauyi, me ya sa zai ɗauki kaso mafi ƙanƙanta na kuɗin aike? Yana da gaskiya, kuma akwai masu rabawa bisa nauyi. Kowace hanya tana tafiya. Abin da ba ya tafiya shi ne a yi rabo bisa daraja ranar sayarwa, a koma bisa nauyi ranar mayar da kuɗi don ya fi yi wa shago daɗi. A zaɓi ƙa'ida ɗaya a tsaya a kanta.

Akwai kuɗin aike iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya shi ne wanda mai saye ta biya, wato ₦5,000. Ɗayan shi ne wanda ɗan kasuwa ya kashe da gaske. A ce ya biya ₦3,500 daga Kano zuwa Sakkwato, ya biya ₦5,500 daga Legas. Ya kashe ₦9,000, ya karɓi ₦5,000, giɓin ₦4,000 ya fita daga ribarsa. Wannan giɓin a shafin kashe-kashen shago ake rubuta shi, kowane ƙunshi da nasa, ba ya shiga rasit ɗin matar. A ganina ba daidai ba ne a kira ta bayan ta biya a ce ta ƙaro kuɗin aike don kaya sun rabu biyu. Ita oda ɗaya ta yi, kuma ba ita ta kai injin Legas ba. In kuwa ita ce ta ce a fara turo mata atamfar saboda biki ya matso, sai a gaya mata ƙarin tun kafin a aika, a rubuta shi a layi na daban.

Ta fuskar biya, hanya uku ce ta fi yawa. A ta farko, irin ta matar nan, an cire kuɗin duka tun farko. A nan ya kamata ɗan kasuwa ya tuna cewa ₦38,000 na injin da bai kai ba tukuna ba ciniki ba ne da ya kammala, amana ce a hannunsa har ranar da kayan ya isa. A ta biyu, shago yana cirar kuɗin kowane kaya ne a lokacin da ya fitar da shi. Haka Amazon ke yi, shi ya sa mai saye kan ga an cire masa kuɗi sau biyu a oda ɗaya ya zaci an yi masa sata, alhali in ya haɗa biyun zai ga jimlar rasit ɗinsa ce. Ta uku ita ce biya a lokacin karɓa, kuma ita ta fi haɗari. Idan aka buga takardar kowane ƙunshi da jimlar odar, ɗan aike na farko zai nemi ₦95,000, na biyu ma ya zo ya nemi ₦95,000, kowanne kuma yana da takarda a hannu. Abin da ya kamata a gani a jikin kwalin farko shi ne ₦57,000, a na biyu ₦38,000.

To, atamfa ta isa lafiya. Bayan kwanaki inji ya iso, aka buɗe kwali aka tarar kofinsa ya fashe, matar ta ce a mayar mata da kuɗinta. Nawa za a ba ta? Ita za ta iya cewa ₦40,000, domin shi ta gani a shafi. Yaron shago zai iya cewa ₦36,000. Wanda ya rubuta rabon tun farko ba sai ya yi gardama ba: ₦36,000 na injin bayan rangwame, da ₦2,000 rabonsa na aike, tunda laifin ba nata ba ne. ₦38,000 ke nan, wato kuɗin ƙunshi na biyu gaba ɗayansa. ₦5,500 da shago ya biya mai ɗauko kaya daga Legas kuwa tsakaninsa ne da mai ɗaukowar.

A ce kuma ta dawo da turmi ɗaya don launin bai yi mata ba. Wannan daga ƙunshi na farko yake, kuma ra'ayinta ne ya sauya. Za a mayar mata ₦18,000, kuma a mafi yawan shaguna kuɗin aike ba ya dawowa a irin wannan, domin an riga an yi aiken. Yanzu an mayar da ₦56,000, saura ₦39,000 a hannun shago. A gwada: turmi biyu ₦36,000, da aiken ƙunshi na farko ₦3,000. Ya yi daidai. Wannan gwajin shi ne hanya mafi sauƙi ta gane ko littafi yana lafiya: abin da aka karɓa, a cire abin da aka mayar, dole ya yi daidai da kuɗin kayan da suka rage a hannun mai saye tare da rabonsu na aike.

Akwai wata tambaya da ke biyo baya. Rangwamen na wanda ya sayi kayan dubu ɗari ne, ga shi yanzu kayan da suka rage ba su kai ba. Shin shago zai janye rangwamen? Idan kayan ne ya zo a lalace, janyewa zalunci ne. Idan mai saye ce ta fasa, shago na iya janyewa, amma sai in ya rubuta hakan a sharuɗɗansa tun kafin a biya.

Wajen rubutawa, kowace mayarwa tana da ƙafa biyu. Ɗaya tana kan layin kayan da ƙunshin da ya fito, don a san me ya koma sito, me kuma ya tafi shara. Turmin da aka dawo da shi zai koma cikin ƙidayar haja, fasasshen injin ba zai koma ba, in ba haka ba shafi zai nuna akwai inji na sayarwa alhali babu. Ɗaya ƙafar tana kan biyan asali. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack suna ba da damar mayar da wani sashe na biya guda, kuma ba za su bari a mayar da fiye da abin da aka karɓa ba. Wanda ya tsallake wannan hanya ya yi tiransifa daga asusunsa na kansa, bai rubuta ba, ya buɗe ƙofar biya sau biyu: gobe wani ma'aikacin zai ga odar babu alamar mayarwa, ya sake turawa.

Manhajojin shago sun tanadi wannan. A Shopify, odar da aka fitar da rabinta tana nuna "Partially fulfilled", wadda aka mayar da wani sashen kuɗinta kuma "Partially refunded", kuma alamomin biyu ba sa bin juna, domin ɗaya ta kaya ce, ɗaya ta kuɗi. Mai lissafi a littafin hannu ma zai iya yin haka da ginshiƙi biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta an kai a kan odar gaba ɗaya da zarar ƙunshin farko ya isa. Daga nan wa'adin dawo da kaya zai fara ƙirga wa injin da ko Legas bai bari ba, alhali kowane ƙunshi daga ranar da ya isa ake fara ƙirga masa.

Kai kuma mai saye, in kaya suka zo maka rabi, duba takardar da ke jikin kwalin kafin ka sa hannu ko ka faɗi lambar karɓa. Ka tabbata abin da ke cikin wannan kwalin kaɗai ta lissafa, ka nemi lambar bibiyar ɗayan ƙunshin, kuma kada ka biya kuɗin abin da bai shigo hannunka ba.