Yadda Kuɗi Ke Ɓacewa Idan Ayyuka Biyu Suka Yi Karo

A ce akwai naira 10,000 a asusu. Maigida ya ciri 7,000 a na'urar cirar kuɗi, a daidai lokacin uwargida ta tura 6,000 ta waya. Kowane aiki ya karanta 10,000 kafin ɗayan ya rubuta sauyinsa, sai duka biyun suka wuce. An fitar da 13,000, asusun kuma yana nuna 3,000 ko 4,000, ya danganta da wanda ya rubuta a ƙarshe. Wannan ita ce matsalar rige-rige. Muninta, ba kullum take faruwa ba, shi ya sa take kuɓuce wa gwaji.

Maganinta kwaɗo ne. Aikin farko ya kulle asusun, ya karanta, ya rage, sannan ya buɗe. Na biyu ya tarar da 3,000, a hana shi.

Amma kwaɗo ma yana da tarko. Aiki ya kulle asusun A yana jiran B, wani ya riƙe B yana jiran A: an yi cirko-cirko, ba mai sakewa. Ana kauce wa wannan idan kowa ya fara kulle asusu mai ƙaramar lamba. Ko kuma a jera ayyukan a layi ɗaya bayan ɗaya, ko da sauri zai ragu.