Kuɗin Makaranta Ya Je Birtaniya Ya Dawo Kano

Wani uba a Kano ya biya wa 'yarsa kuɗin jami'a a Birtaniya. Bayan mako uku kuɗin ya dawo, an zaftare masa wani abu, makarantar kuma ta aiko wa yarinyar gargaɗi cewa ba ta biya ba.

Matsalar daga takardar banki ce. A gurbin sunan mai karɓa ya rubuta sunan jami'ar yadda kowa ke kiranta, alhali takardar neman biya ta nuna wani kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadinta, irin su Flywire ko Convera. Bankin can ya ga suna da lambar asusu ba su dace ba, sai ya mayar. Bankunan da kuɗin ya ratsa ta kansu suka cire ladansu, ba sa mayarwa.

Lambar shaida ma tana jawo wannan. Asusu ɗaya ne ɗalibai dubbai ke zuba kuɗi a ciki, da lambar ɗalibi ake gane na wane ne. Wanda ya rubuta sunan 'yarsa kawai, kuɗinsa kan zauna ba mai shi, har a mayar.

Hanyar gano inda aka kwana ita ce neman takardar MT103 daga banki. Gurbi na 59 yana nuna sunan mai karɓa, na 70 kuma lambar shaida. A ɗora su kusa da takardar makaranta, a gwada harafi da harafi, sannan a tura wa ofishin kuɗin makarantar kwafi tun wa'adi bai cika ba.