Hazon Asuba: Yadda Yake Kwana a Fadama, Hantsi Ya Kore Shi

A ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, wanda ya yi sammako ya bi ta gefen fadama ko bakin kogi yakan tarar da wani farin hazo kwance a ƙasa. Wani lokaci iyakarsa ƙugun mutum, wani lokaci kuma ya rufe itatuwa har ba a ganin motar da ke gaba. Wannan ba hazon hunturu ba ne, wanda ƙura ce busasshiya da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Hazon asuba ruwa ne, yana jiƙa riga da gashin ido, kuma ba daga ko'ina ya zo ba. A nan wurin da ka gan shi, nan ya samu cikin dare. Masana yanayi suna ƙidaya shi cikakken hazo idan ya hana ganin abin da ke nisan kilomita 1.

Tushen al'amarin yana ƙasa. Da rana ƙasa tana shan zafin rana, kuma dare da rana tana fitar da zafi zuwa sama ta wani irin haske da ido ba ya gani. Muddin rana na sama, abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita. Da ta faɗi sai shigowa ta tsaya, fita kuwa ta ci gaba. Idan akwai gajimare, yana tare wannan zafi ya mayar da kaso mai yawa ƙasa, shi ya sa daren hadari yake da zufa. Idan kuwa sama ta washe, taurari sun fito tar, zafin yana wucewa abinsa, ƙasa da ciyawa su yi ta hucewa har asuba. Iskar da ke taɓa ƙasa ita ke fara ɗaukar wannan sanyi, sai ta kai ga iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta samanta sanyi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka ba ta tashi, tana nan kwance. Inda akwai gangara kuma sai ta silalo a hankali ta taru a kwari. Abin da ya sa ke nan fadama ke cika da hazo alhali tudun da ke kusa da ita fes yake.

Sanyi kaɗai ba ya haifar da hazo, sai da laima. Iska tana ɗauke da tururin ruwa da ba a gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa yana raguwa idan ta huce. Duk wanda ya fito da kwalbar ruwa daga firij ya ga bayanta ya yi gumi, ya ga wannan: iskar da ta taɓa kwalbar ta huce har ta kasa riƙe tururinta. Matakin sanyin da hakan ke farawa shi ake kira matakin raɓa.

A ɗauki misalin wata fadama a watan Oktoba. Ruwan sama ya ɗauke kwana biyu da suka wuce, ƙasa har yanzu jiƙe take, shinkafa da ciyawa suna ta fitar da danshi. Da la'asar zafi ya kai digiri 32 a ma'aunin salshiyas. Idan ka keɓe iska mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1, a wannan zafin za ta iya riƙe tururi kimanin giram 34. A ce abin da ke cikinta giram 18 ne, wato ɗan fiye da rabi. Babu abin da ido zai gani. Bayan magariba zafi ya sauka da sauri, sannan ya ci gaba da sauka a hankali cikin dare. Da ya kai digiri 21, iyakar abin da iskar za ta riƙe ya zama kusan giram 18 ɗin nan, ta cika ke nan. Ya ƙara sauka zuwa 20, iyakar ta koma kusan giram 17. Giram gudan da ya yi rara dole ya koma ruwa. Mafi yawansa yana sauka a kan ganye ya zama raɓa, ɗan abin da ya rage kuma yana taruwa a jikin ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke yawo a iska, ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai waɗanda kaurin gashin kai ya ninka su. Ruwan da ke cikin hazo mai kauri bai cika wuce rabin giram ba a wannan awon na iska. Yawan ɗigon ne ke watsa haske ya toshe gani.

Wannan lissafi ne ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki a Kano ko Damagaram cikin Janairu. Dare ya fi tsawo, sama ba gajimare, sanyi ya fi na Oktoba nesa ba kusa ba, amma ba a samun hazon ruwa. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, matakin raɓarta yakan yi ƙasa da digiri 5, sanyin asuba kuwa yakan tsaya ne sama da 10. Tazarar ba ta rufuwa.

A ganina sharaɗin da ya fi ban sha'awa shi ne na motsin iska, domin ƙofarsa ƙunci gare ta. Idan iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi, sanyin ba ya hawa sama, sai a samu raɓa mai yawa da ɗan siririn hazo a kan ciyawa. Idan kuma tana kaɗawa da ƙarfi, tana gauraya iskar ƙasa mai sanyi da ta sama mai ɗumi da bushewa, hazo ba zai kafu ba. Abin da yake so shi ne 'yar iska mai laushi, kamar kilomita 3 zuwa 10 a awa, wadda ta isa ta yaɗa sanyin zuwa mita goma ko fiye ba tare da ta watsa shi ba. Da hazon ya yi kauri kuma, samansa ne ke karɓar aikin fitar da zafi zuwa sama maimakon ƙasa, sai ya riƙa ƙara tsayi da kansa.

Da safe abin yana juyawa, amma ba nan take ba. Sau da yawa hazo yana ƙara kauri jim kaɗan bayan fitowar rana, domin ɗumin farko yana tayar da raɓar da ke kan ciyawa ya mayar da ita iska, yana kuma motsa iskar kaɗan. Direban da ya ɗauka gari ya waye an tsira, nan yake shiga hatsari. A cikin hazo fitilar ƙasa ake kunnawa, domin hasken babbar fitila ɗigon ke mayar da shi idon mai tuƙi.

Mutane sukan ɗauka rana tana cinye hazo ne daga sama. Akasin haka ne ya fi yawa. Farin hazo yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana sama, ɗigon kuma ba sa shan zafi sosai. Hasken da ya ratsa shi ne ke ɗumama ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta sake samun ikon riƙe tururi, ɗigon su ɓace. Don haka hazo yana mutuwa ne daga ƙasa zuwa sama, daga gefe inda ya fi siranta zuwa tsakiya. Abin da ake gani kamar ya tashi sama, ƙasansa ne ya bushe, samansa ya saura ɗan gajimare mai ƙasa-ƙasa kafin shi ma ya tarwatse. A fadamarmu ta misali, digiri ɗaya ko biyu kawai ake buƙata a koma sama da 21, kuma ranarmu tana hawa da sauri, shi ya sa kafin hantsi ya dubi ludayi an gama.

Inda rana ba ta da wannan ƙarfi labarin daban ne. A kwarin Po na Italiya, da babban kwarin tsakiyar Kalifoniya, da kewayen Delhi cikin Disamba da Janairu, rana tana tafiya ƙasa-ƙasa, yini gajere ne, hazon kuma yana da kauri. Ƙasa ba ta samun isasshen ɗumi kafin wani dare ya shigo, sai hazo ya yi kwanaki bai ɗaga ba, yana riƙe hayaƙin motoci da na masana'antu a inda mutane ke numfashi. Haka ya faru a Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, lokacin da hazo ya haɗu da hayaƙin kwal, ƙididdigar farko ta nuna mutum kimanin 4,000 suka rasu.