Aikatau a Saudiyya: Abin da ya kamata a tantance game da ejan da kwangila kafin a tashi

A Kano, Katsina da Sakkwato, zancen tafiya aikatau Saudiyya yakan fara ne daga bakin wani ejan da ya yi alkawarin biza, tikiti da albashi a riyal. Abin da ba ya cikin wannan zance shi ne tsarin kafala, wanda ke ɗaure izinin zaman ma'aikaci da sunan wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafil. Saboda wannan tsari, kuskuren da aka yi kafin barin gida yana da wuyar gyaruwa bayan an sauka a Jidda ko Riyadh.

Me ya sa 'yan aikin gida suka fi shiga haɗari?

A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta kafala ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Lebura ko birkila a kamfanin gine-gine na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da amincewar kafil ba, kuma yana iya neman bizar fita da kansa. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, masu kula da lambu da makiyaya ba.

Idan 'yar aiki ta bar gidan da aka kai ta, kafil na iya kai rahoton cewa ta gudu, abin da ake kira hurub. Daga nan zamanta na iya saɓa wa doka, kuma ana iya kama ta a tsare har a maido da ita gida. Doka ta yarda ta sauya gida a wasu yanayi, kamar idan an hana ta albashin wata uku, amma tabbatar da hakan na buƙatar kwangila da shaidar biya.

Rajistar kamfani ba lasisin ɗaukar ma'aikata ba ce

Ejan da yawa na nuna takardar rajistar CAC a matsayin shaidar halacci. Wannan takarda tana tabbatar da cewa kamfanin ya wanzu ne kawai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa mai ɗaukar ma'aikata don kai su wani wuri sai ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya. Don haka mai neman aiki zai buƙaci kwafin lasisin, ya duba sunan da ke jiki da ranar ƙarewarsa, sannan ya kai shi ofishin ma'aikatar da ke jiharsa a tabbatar masa.

Wajibi ne sunan da ke kan lasisi ya dace da wanda ke kan kwangila da kuma asusun bankin kamfanin. Idan ejan ya ce yana aiki ne a ƙarƙashin wani babban kamfani a Abuja ko Legas, sai a tuntuɓi kamfanin kai tsaye a ji ko ya san da shi.

Batun kuɗi ma ma'auni ne. A dokar Saudiyya, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin iƙama da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwangila. Najeriya kuma ta amince a 2023 da Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kada kamfanin samar da aiki ya caji ma'aikaci. Ejan da ya karɓi kuɗi daga kafil, ya kuma nemi albashin watannin farko na 'yar aiki, ya ci kuɗi sau biyu a kan aiki ɗaya.

Biza da kwangila

Bizar Umra da ta ziyara ba su ba da izinin aiki. Wanda aka ce masa ya shiga da ɗayansu, za a gyara masa takardu daga baya, zai tsinci kansa ba shi da iƙama, ba shi kuma da kwangilar da hukuma ta sani. Bizar aiki tana ɗauke da sunan kafil da nau'in sana'a, kuma dole su yi daidai da abin da ke cikin kwangila. Kwangilar 'yan aikin gida tana bi ta dandalin gwamnati na Musaned, ta ma'aikatan kamfanoni kuma ana tabbatar da ita a Qiwa.

Idan kwangila ta zo da Larabci da Turanci, nassin Larabcin ake bi a Saudiyya idan an samu saɓani. Saboda haka ya kamata a kai ta wurin wanda ya iya Larabci sosai, wanda ba shi da alaƙa da ejan, ya karanta ta layi-layi.

Ƙa'idojin aikin gida da Saudiyya ta fitar a 2023 sun ba da ma'aunin da za a gwada kwangilar da shi. Aiki ba zai wuce awa 10 a rana ba, akwai hutun yini guda a mako tare da biya, da hutun wata ɗaya bayan shekara biyu ga wadda za ta sabunta kwangila. An hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, an kuma hana kafil riƙe fasfo. Ejan da ya ba da shawarar ƙara shekaru a fasfo yana jefa yarinya ne cikin laifin da ita za ta amsa.

Yadda lissafin ke sauyawa

A ɗauki misalin matar da ejan ya yi wa alkawarin riyal 1,200 a wata na tsawon shekara biyu. A lissafinta, wata 24 zai ba ta riyal 28,800. Da aka karanta shafin Larabci, sai aka ga an rubuta riyal 800, wato 19,200 ke nan. Ejan ya kuma ce albashin wata uku na farko nasa ne, wanda ya kama 2,400. Abin da zai rage mata shi ne 16,800, ƙasa da abin da ta sa rai da riyal 12,000.

Idan ta gano haka a Kano, za ta iya ƙin sa hannu ta karɓi fasfonta. Idan kuwa a gidan kafil ta gano, hukuma za ta duba adadin da ta sanya wa hannu ne, kuma ba za a tilasta wa kafil cika alkawarin bakin da wani ya yi a Najeriya ba. Barin gidan kuma na iya jawo mata hurub.

Kafin ranar tafiya

Ya kamata matafiyi ya bar kwafin fasfo, biza, kwangila da lasisin ejan a hannun wani ɗan uwa, tare da sunan kafil da garin da yake. Ya kuma rubuta lambobin ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyadh da ƙaramin ofishin da ke Jidda a takarda, domin waya na daga cikin abubuwan da ake ƙwacewa. Tun 2024 Saudiyya ta fara tilasta biyan albashin 'yan aikin gida ta banki ko manhajojin kuɗi, don haka asusun ya kasance da sunan mai aikin, katin kuma a hannunta.

Ejan da ya ƙi ba da kwangila sai a filin jirgi, ko ya riƙe fasfo har sai an biya shi bashi, ko ya gaggauta tafiya da bizar ziyara, ya nuna alamomin da hukumar NAPTIP ke bincike a kansu a ƙarƙashin dokar hana safarar mutane ta 2015. Hukumar na da ofishin shiyya a Kano, kuma ana iya kai mata ƙorafi tun kafin a biya ejan ko sisi.